Gammon Wuyan Inna Ruhiyya

A garin Mut, can cikin saharar Masar, idan aka ce Inna Ruhiyya ba mai tambaya wacce. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da haƙorin zinariya guda ɗaya da ba a ganinsa sai tana zagi, wato kullum ana ganinsa. Shekara ashirin da shida tana hawa bas ɗin dare daga Mut zuwa Alƙahira, ta juyo, sau biyu a mako, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Mai takardun fansho ita yake ba. Mai ɗa a jami'a ita take ba dabino da cuku ta kai masa. Maganin da babu shi a nan, gilashin ido, hoton ƙashi da likita ke son gani, duk ita. Awa goma sha biyu a zaune, ta sauko da safe tana taku garau kamar wadda ta kwana a katifa, samari kuwa na saukowa a bayanta wuya a karkace suna tafiya kamar kaguwa.

Ba haka aka haife ta ba. Tafiyarta ta farko mijinta ne ya kwanta asibiti a Alƙahira, ta ɗaura kaya ta bi shi, ba ta taɓa wuce garin Harja ba a rayuwarta. Ta jingina kai da gilashin taga, ta ajiye jaka a kan cinya, ta yi barci abinta. Gilashi ya yi ta karkarwa yana dukan kanta har safe. Ta farka ba jaka, ba kayan mijin, wuyanta ya sanƙare kwana huɗu sai dai ta juya da jiki gaba ɗaya idan an kira ta. Mijin bai tashi daga wannan ciwon ba. Ita kuwa ta dawo gida da rantsuwa biyu, cewa ba mahaluƙin da zai sake ɗaukar mata kaya tana barci, kuma ba motar da za ta sake karya mata wuya.

To, da kanta ta zauna ta koyi abin, kamar yadda wasu ke koyon ɗinki. Kujerarta ɗaya ce, layi na uku, gefen taga, hannun dama, domin nan ne saitin ƙofar but da ake buɗewa idan an tsaya, duk jakar da aka zaro tana kallo. Ba ta zama a kan taya, ba ta zama a baya, can ne ake jijjiga mutum kamar gero a faifai. Shayi kofi ɗaya kafin a tashi, shi ke nan. Takalminta mai faɗi ne don ƙafa na kumbura kafin asuba. Jakar hannu tana ƙasa tsakanin ƙafafunta, maɗaurin ya zagaye idon sawunta sau biyu, zif ɗin na kallon ciki. Sannan ta cusa ɗan tsumma a ƙugu ta baya, ta kwantar da kujera kaɗan, ba can sosai ba, don kada ta zame.

Amma uwa uba shi ne gammon wuya. Wani dogon mayafi ne na ulu, baƙi, da ya tsufa har ya koma ruwan toka. Takan ninke shi ta tsawo, ta murɗa, ta zagaye wuya da shi sau biyu, ya cika ramin ƙeya ta baya, ya tokare muƙamuƙi hagu da dama, ta ƙulle a ƙarƙashin haɓa. Ba matsewa ba, yatsa biyu na shiga. Kai ba ya faɗawa gaba, ba ya faɗawa gefe. Mutane su yi ta sayen matashin nan na kanti mai kamar kofaton doki, ta kalle su ta ce, “Kun sa shi ta baya yana tura muku kai gaba. Haɓa ake tarewa, shashashai, kai gaba yake faɗuwa.”

Da gammon nan take barci a zaune cak, wani irin barci mai kunne a buɗe. Direba na taɓa birki, haɓarta ta danna ƙullin, ta buɗe ido ɗaya. Ita ke tashin mutane idan an zo garinsu. Ita ke cewa, “Kai mai jar riga, wannan buhun ba naka ba ne, naka yana ciki.”

Abin da ba wanda ya sani a lokacin, har direbobi, shi ne jakar da take ɗaurewa a ƙafa ba komai cikinta sai busasshiyar gurasa da lemon tsami da carbi. Duk amanar da ta fi tsada a cikin gammon take, a cikin ninki, daidai ƙasan ƙullin haɓa. Sau biyu ɓarayi na yanke mata maɗaurin jaka da reza, ɗaya ta cafke hannunsa, ɗaya ya tsere da gurasa. Wa zai kai hannu wuyan tsohuwa?

Daren da nake son ba ku labari, cikin tsananin ɗari ne, tana dawowa daga Alƙahira. Abin da ke cikin gammon ranar ɗan gwangwanin alewa ne, an cika shi da auduga, a tsakiya na'urar jin Tasnim. Tasnim 'yar maƙwabciyarta Sabah ce, shekararta shida, kurma aka haife ta. An yi mata aiki a kai tana ƙarama, sai aka ba ta wata 'yar na'ura da ake rataya mata a bayan kunne, da wani faifai mai maganaɗisu da ke mannewa a kai. In tana sanye da ita tana ji, har ta fara surutu kamar aku. In an cire, ko ganga aka buga ba ta sani ba. Na'urar ta lalace, gyara sai Alƙahira, sabuwa kuwa ko gidansu suka sayar ba za su iya ba. Mako uku yarinyar tana cikin shiru. Ta daina magana, ta daina zuwa makaranta, sai ta zauna ta riƙa taɓa bayan kunnenta tana kallon bakin uwarta. Sabah ta riga ta nuna mata da hannu cewa gobe da safe, bas, Inna.

Kwana biyu Ruhiyya ta yi tana zarya wurin masu gyara, yau a ce mai sa hannu bai zo ba, gobe a ce a jira. Ta kwana a kujerar roba a gidan wata 'yar uwa mai yara shida. Da ta shigo tasha ƙarfe takwas na dare idonta jawur.

Usta Milad, wato Oga Milad direba, wanda suka shekara goma sha biyar suna wannan hanya tare, ya leƙo ta taga.

“Hajiya, yau kam kin yi kama da gawar da aka manta ba a binne ba.”

“Kai dai kama sitiyarinka, mai tumbi. In na mutu wa zai tashe ka a gangaren Harja?”

Ta zauna, ta ɗaura jaka a ƙafa, ta gyara gammo. Ana dab da tashi sai ga wasu mata da miji da gudu, kujeru biyu suka rage, ɗaya kusa da ita, ɗaya can ƙurya ta baya. Ba a zaunar da namiji kusa da mace baƙuwa, don haka matar ta zauna wajen Ruhiyya, mijin ya wuce baya yana waige. Yarinya ce ƙarama da ciki niƙi-niƙi. Kafin a fita daga cunkoson gari Ruhiyya ta gama tatsar ta. Sunanta Nurhan, mijin Atif, tela ne. Cikin fari, wata takwas, za a kai ta gidan uwarta ta haihu, a wani ƙauye gefen Asyut. A Asyut za su sauka.

Tun daga nan Nurhan ba ta samu sauƙi ba. Kujerar gefen hanyar wucewa ce, ba abin jingina. Ta fara gyangyaɗi, kai ya faɗo gaba, ta zabura. Ya faɗa gefe, mai wucewa ya buge shi da gwiwar hannu. Ta yi amai a leda sau biyu, Ruhiyya ta yanka mata lemon tsami ta shaƙa. Wajen sha ɗaya na dare yarinya ta fara kuka ƙasa-ƙasa, ta ce kwana uku ba ta runtsa ba, wuyanta kamar ana soka mata ƙusa har cikin ido.

“Ke, yi mini shiru. Haihuwa za ki je yi, wuya kike wa kuka?”

“Inna, wallahi ji nake kamar kaina zai cire.”

“Wannan mijin naki ko tawul bai iya ɗauko miki ba? Tela guda!”

Ta duba jakar yarinyar, ba wani abin kirki sai kayan jarirai. Ɗankwalin kanta siriri ne, ba zai tare ko kan kaza ba. Ruhiyya ta juya ta kalli taga, ta ce ba ruwanta. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa cire gammon nan a cikin mota ba. Sai kan yarinyar ya sake faɗowa, haƙoranta suka haɗu ƙas, cikin ya motsa har Ruhiyya ta gani ta cikin riga.

Ta yi tsaki. Ta so ta zare gwangwanin tukuna, amma a ɗaya gefen wani Ustaz Fauzi, ma'aikacin ofishin gona, ya kunna fitilar kansa yana karatun jarida, bayansa kuma wasu samari biyu da ba ta san su ba ido biyu suna danna waya. In ta warware ninkin a gabansu, asirin shekara ashirin da shida ya tonu, gobe kowane ɗan iska a tasha ya san inda zai kai hannu. Sai ta kwance ƙullin kawai, ta ɗauke gammon yadda yake a murɗe, da gwangwanin da komai, ta zagaya shi a wuyan Nurhan. Ta cika ƙeya, ta tokare muƙamuƙi, ta ƙulle, ta zura yatsa biyu ta gwada.

“Kada ki kwance shi. Kin ji ko? Ko me aka yi kada ki taɓa.”

“To, Inna.”

Ta ciro wani zare mai kauri daga aljihu, ta ƙulla bakinsa ɗaya a jelar mayafin, ɗaya a wuyan hannunta. Ta ce a ranta ai ita ce, ko ƙuda ya sauka a birki tana ji, balle tsayuwar Asyut. Ko minti biyar ba a yi ba Nurhan ta tafi, kai a tsaye kamar an dasa, har da ɗan minshari.

Ruhiyya ta yi niyyar zama ido biyu. Ta ja carbi, ta ƙirga fitilun manyan motoci. Amma wuyanta tsirara yake, kai ya rasa abin da ya saba hawa, ya fara neman wuri. Ya sami labulen taga mai kauri ya lafe a kai, jikin ya zame ƙasa. Duk zamanta tana ɗauka saurin farkawar nan baiwa ce Allah ya ba ta, ashe rabinsa ƙullin nan ne da ke danna mata haɓa duk birki. Ba ƙulli, ga gajiyar kwana biyu. Ta yi irin barcin da rabonta da shi tun tana amarya.

Ƙarfe biyu da ɗan wani abu bas ya shiga Asyut. Atif ya taso daga baya da kayansu, ya iske matarsa na barci a karon farko cikin kwana uku, da baƙin mayafi a wuya, ga zare ya tafi hannun tsohuwa. Ya taɓa matar, ta buɗe ido da ƙyar, ya nuna mayafin.

“Ta ce kada in kwance,” in ji Nurhan cikin magagi.

Ya kalli Ruhiyya. Tsohuwa ce sa'ar kakarsa, baki buɗe, tana barci. Yaron kirki ne, an yi masa tarbiyya, ba zai tashi babba daga barci ba, ba kuma zai taɓa hannun matar da ba muharramarsa ba. Waje ɗari kamar ƙanƙara, mayafin tsoho ne duk ya koɗe. Sai ya sa yatsunsa na tela ya warware ƙullin zaren ta wajen jelar mayafin, a hankali, zaren ko motsi bai yi ba. Ya cire sabon mayafinsa na wuya da ya saya satin nan, ya ninke ya ajiye mata a hannun kujera, a ganinsa ya yi musaya har da riba. Ya riƙo matarsa suka sauka suna sanɗa don kada su dame ta.

Sanyi ne ya tashe ta. Bas ya fita gari ya fara hawa tudun sahara, iska ta shigo ta tsagar taga ta sare ta a ƙeya. Ta kai hannu wuya, ba komai. Ta ja zare, ya taho fayau. Kujerar gefenta ba kowa sai sabon mayafi a ninke.

Ba ta yi ihu ba. Ta kwance jaka daga ƙafa, ta miƙe, sai ta ji wuyan ya riƙe ta hagu, ya ƙi juyawa. Haka ta taka zuwa gaba tana dafa kujeru.

“Milad. Minti nawa da barin Asyut?”

“Kamar ashirin. Lafiya? Ina rawanin naki?”

“Mun wuce shinge?”

“Ga fitilarsa can.”

Ita ta sani, shi ma ya sani, in 'yan sandan shingen suka rubuta lambar mota da lokacin wucewa, ba sauran juyawa sai Harja, awa uku gaba.

“Taka birki. Juya.”

Ya yi dariya, ya kalle ta a madubi, dariyar ta tsaya. Ya gangara gefen hanya ya kunna fitilun ciki. Mutane suka fara farkawa suna ƙunƙuni.

“Hajiya, mutum arba'in da tara na ɗauko. In juya saboda tsumma? Gobe in saya miki goma.”

Ustaz Fauzi ya miƙe yana gyara tabarau. “Wane irin wasa ne wannan? Ina da taro ƙarfe tara. Ita ce ta sayi motar?”

Wani daga baya ya ce, “Tsohuwa ta yi mafarki, a ba ta ruwa!” Aka yi dariya.

Ruhiyya ta juyo gare su da jiki gaba ɗaya, tunda wuyan ba ya juyawa. Ta san in ta buɗe baki, abin da ta ɓoye tun kafin a haifi rabin mutanen motar ya tafi. Ta tuna Tasnim na taɓa bayan kunne.

“Kunnen 'yar Sabah yana cikin tsumman nan. Na'urarta. A ciki nake sa kaya, tun fil azal. Kai Fauzi, takardun gadon ubanka da na kai maka kotu, a nan suka kwana, ƙarƙashin haɓata, da gumina da komai. Ke matar Abdul Ati, 'yan kunnen auren 'yarki a nan suka zo. Kai mai cewa mafarki nake, ba kai na tasa a Balat bara ba, da ka wuce da buhunan mutane? Yau ni na yi barci. Sau ɗaya. Ku zage ni daga nan har Mut, na yarda, amma a juya motar nan.”

Kowa a Mut ya san Tasnim, yarinyar da ke bin mutane tana tambayar sunan komai. Matar Abdul Ati ce ta fara magana.

“Juya, Usta. Wallahi in ba ka juya ba a nan zan sauka.”

“Juya mana!” in ji wanda ya ce a ba ta ruwa, kamar ba shi ba.

Ustaz Fauzi ya zauna a hankali, ya ninke jaridarsa. “Taron ma ba a fara shi kan lokaci.”

Usta Milad ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ce ofis za su ci namansa ɗanye, sannan ya murza sitiyari. Ƙatuwar mota ta yi gaba ta yi baya sau uku a kan siririn titi, ta mai da hanci Asyut.

“To in mun je, a ina za mu same su?” ya tambaya. “Asyut ba ɗakin kwananki ba ne.”

“Ƙauyensu ƙananan motoci ke zuwa, kuma ba mai tashi kafin sallar asuba. Tela ne, ba zai ɗauki shatar tasi da daren nan ba. Mai ciki wata takwas ba ta tafiya da nisa. Suna tashar ƙananan motoci, wajen mai shayi, inda akwai wuta.”

Can ɗin kuwa suke. Bas bai iya shiga lungun ba, Ruhiyya ta sauka da ƙafa, Usta Milad a bayanta, da Ustaz Fauzi, da wajen mutum goma da gulma ta hana su zama. A kan benci gefen garwashin mai shayi, ga Nurhan zaune, baya jingine da bango, hannu biyu a kan ciki, kai a tsaye cak cikin baƙin gammo, tana barcinta. Atif na ganin tsohuwa da jama'a a bayanta ya miƙe zumbur da kofin shayi a hannu.

“Hajiya, wallahi ban sata ba, na bar miki nawa, sabo ne, ban so in tashe ki ba ne...”

“Rufe mini baki, za ka tashe ta. Ladabinka ya kusa kashe ni. Gobe in ka ga zare a hannun mutum, ka ja shi, ɗan nema. Don a ja aka ɗaura.”

Ya yunƙura zai taɓa kafaɗar matar, ta buge hannunsa. Ta durƙusa gaban yarinyar, wuyanta a karkace, ta hura yatsunta don su yi ɗumi. Ta tallafi haɓar Nurhan da tafin hagu, yadda kan bai san an sassauta komai ba. Da hannun dama kaɗai ta kwance ƙullin, ta buɗe ninki ɗaya, ta buɗe na biyu, ta zura yatsa biyu ta zaro gwangwanin. Ta mai da ninkin, ta cike gurbin da jelar mayafin, ta ƙulle, ta zare tafinta a hankali. Kan bai motsa ba. Numfashin yarinyar ko canzawa bai yi ba. Mai shayi ya tsaya da buta a sama yana kallo har ruwa ya zubo masa a ƙafa.

Ta buɗe gwangwanin, ta ɗaga auduga, ta gani, ta rufe. Usta Milad ya miƙa mata gwiwar hannunsa, ta kama ta miƙe.

“Mayafin fa, Hajiya?” in ji Atif da raɗa.

Ta kalli gammon. Tun rasuwar mijinta yake wuyanta.

“Bar mata. Akwai sauran hanya gabanta. In ta haihu ta goya ɗan da shi. Kai kuma ka koyi ɗaura shi, yatsa biyu na shiga.”

Da ta koma mota, kafin ta zauna mayafai sun taru a kujerarta, na Atif, na matar Abdul Ati, har Ustaz Fauzi ya ciro nasa mai tsada. Ta gwada biyu, ta ce duk santsi gare su, na 'yan gayu ne. Ta cusa gwangwanin a ƙirji, ta naɗe hannu biyu a kai, ta zauna ido buɗe har gari ya waye, ta wuce Harja, ta wuce Balat, ba ta runtsa ba. Kuma ba wanda ya wuce garinsa, don duk ta tashe su da zagi kamar kullum.

Bas ya shiga Mut a makare da awa ɗaya da rabi. Sabah na tsaye tun bakwai, Tasnim riƙe da rigarta. Mutanen tasha suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Inna Ruhiyya na saukowa wuya tsirara, kai a karkace hagu, tana tafiya kamar kaguwa. Fasinjojin kuma ba wanda ya je neman kayansa, duk suka tsaya.

Sabah ta karɓi gwangwanin, ta sa batir, ta rataya na'urar a bayan kunnen yarinyar, ta ɗora faifan ya manne. 'Yar fitila ta ƙifta. Tasnim ta zabura, ta ƙanƙame uwarta, idonta na yawo, ga ƙarar inji, ga hon, ga mai tallan gurasa. Sai ta tsaya kan Ruhiyya, wadda ke faɗa da Usta Milad kan ya daina ba mutane labari.

“Inna,” in ji yarinyar, muryar a shaƙe don ta kwana biyu ba a yi amfani da ita ba. “Me ya sami wuyanki?”

“Uwarki ce ta same shi. Matsa in wuce.”

Amma ba ta wuce ba. Ta tsaya ta dafa kan yarinyar, tana kallon wani wuri can gefe, wai wuyan ne ya juyar da ita.

Kwana biyar ta yi ana shafa mata man zafi. Ran na shida ta shiga kasuwa ta juye rumfar mai mayafai kaf kafin ta sami wani baƙi mai kaushi da ya yi mata. Har yau tana kan hanya, layi na uku, gefen taga. Yanzu duk Mut an san labarin gammo, yara ma wasa suke da shi, 'yan mata masu zuwa jami'a kan tsaya ta ɗaura musu kafin mota ta tashi. An ce wani ɗan iska ya taɓa lallaɓa sabon gammon tana gyangyaɗi, ya sami ƙwallon dabino guda uku da mari ɗaya. Inda take sa amana yanzu ba wanda ya sani. Matar Abdul Ati ta rantse a takalmi ne, Usta Milad ya ce a kitso. An tambaye ta, ta buɗe haƙorin zinariya ta ce wanda ya matsu ya zo ya duba.